Wayoyi biyu, rikod ɗaya: kundin gwajin cin karo a manhajarmu

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Yau na fara gwajin da na daɗe ina ɗagawa. Manhajar tamu ta lissafin kayan sito ce, kuma an gina ta ne ta yi aiki ko babu netwok: duk abin da mutum ya rubuta yana fara sauka ne a SQLite, wato ƙaramin databes ɗin cikin wayar, sai a jera shi a layin jira, in netwok ya dawo a tura wa saba, wato kwamfutar tsakiya da duk wayoyin ke magana da ita. Kowane kaya yana da rikod ɗinsa, da suna, da kantar da yake kai, da adadi, da ɗan gurbin bayani. Tambayar da nake son amsarta ita ce, in waya biyu suka taɓa rikod ɗaya alhali ba sa ganin juna, me ke faruwa in sun dawo?

Tsarin da muke da shi yanzu mai sauƙi ne, kowace waya tana tura rikod ɗin gaba ɗayansa tare da `updated_at`, saba kuma ta ɗauki wanda lokacinsa ya fi zama na baya-bayan nan. Wanda ya rubuta ƙarshe shi ke da nasara kenan.

Na tayar da emuleta biyu, wato wayoyin gwaji da ke gudu a cikin kwamfuta, na kira su A da B, na bari duk suka sauko da rikod ɗin `k-118`, kwalin batir, kanta `B2`, adadi 40. Sai na yanke musu netwok:

```
adb -s emulator-5554 shell svc wifi disable
adb -s emulator-5554 shell svc data disable
```

Haka na yi wa `emulator-5556` ma. A kan A na canza kanta daga `B2` zuwa `C4`. Bayan minti ɗaya a kan B na rubuta a gurbin bayani cewa kwali biyu sun jiƙe, ban taɓa kanta ba sam. Na kunna netwok ɗin A, ta tura, na kunna na B, ita ma ta tura.

Babu wani kuskure da ya fito a sikirin, log ɗin saba 200 ne sau biyu, wato lambar an karɓa lafiya, wayoyin biyu kuma suna nuna abu iri ɗaya sak. Kuma abin da suke nunawa shi ne kanta `B2`. Gyaran A ya tafi, babu ko alamarsa, saboda B ta turo rikod ɗin duka har da tsohuwar kantar da ta sani, ta danne sabuwar. Abin da ya fi damuna shi ne tsohon gwajin da muke da shi a cikin kod ɗin zai ce wannan ya wuce lafiya, don abin da yake dubawa kawai shi ne ko A da B da saba sun zama ɗaya, kuma ai sun zama ɗayan. Sun haɗu ne dai a kan abin da ba daidai ba. Mutumin da ya ɗauke kwalin ya kai `C4` ya yi aikinsa, ya ga wayarsa ta ce an adana, gobe wani zai je `B2` ya tarar wayam.

Na rubuta a saman takardar gwajin: duk gwajin da zan yi daga yau tambaya biyu zai amsa, ko wayoyin sun daidaita, da kuma ko aikin kowa yana nan.

Laraba, 7 ga Mayu

Agogo. Na kashe saitin lokaci na kai-tsaye a B da `adb -s emulator-5556 shell settings put global auto_time 0`, sannan na shiga saitin wayar da hannu na tura agogonta gaba da minti 10. B ta canza kanta zuwa `D1`, na jira minti 3 cif, A ta canza zuwa `C4`. A zahiri A ce ta ƙarshe, amma B ce ta ci, tunda a takarda tana gaba da minti 7.

Sai na ce bari in ga iyakar abin, na kai agogon B shekara guda gaba na yi gyara ɗaya. Wallahi rikod ɗin ya daskare. Duk abin da A ta turo bayan nan saba na kallonsa a matsayin tsoho ta yar, kuma haka zai ci gaba har shekarar ta cika, ko da B ta gyara agogonta, don ita ma gyaranta na gaba zai zama tsoho a kan nata na baya. Kuma wannan ba wai abin da ba ya faruwa ba ne, waya in ta daɗe a mace tana iya tashi da kwanan wata na daban, wasu kuma da gangan suke taɓa agogon.

Abokin aikina mai kula da saba ya ce, "To Malam, mu daina kallon agogon waya mana, mu sa lokacin da saƙon ya iso saba." Na ce mu gwada a baki tukuna: waya ta yi gyara ranar Litinin ta shiga inda babu netwok, wata ta yi gyara mai kyau ranar Laraba ta tura nan take, ta farkon ta dawo ranar Alhamis. Wa ya iso ƙarshe? Tsohon gyaran. Ya yi shiru ya ce haka ne.

Abin da muke buƙatar sani ashe ba wa ya riga wa a agogo ba ne. Tambayar ita ce lokacin da mutum ya yi gyaransa, ya ga gyaran ɗan'uwansa ko bai gani ba? In ya gani ya canza, to ya canza ne da saninsa, a bar masa. In bai gani ba, shi ne cin karo na gaskiya. Wannan tunanin tsoho ne, tun 1978 Leslie Lamport ya yi bayanin cewa a tsakanin na'urori da yawa ana jera aukuwa ne ta hanyar wace ta san da wace, ba sai an dogara da agogon kowa ba. Mu da muke da saba ɗaya a tsakiya abin ya zo mana da sauƙi, lamba ɗaya mai hawa ta ishe mu.

Alhamis, 8 ga Mayu

An sa wa kowane rikod `version`, saba ce kaɗai ke ƙara ta. Waya in za ta tura gyara sai ta faɗi lambar sigar da ta gina gyaran a kanta, saba kuma ta yi haka:

```sql
UPDATE items
SET shelf = 'C4', version = version + 1
WHERE id = 'k-118' AND version = 7;
```

In layi ɗaya ya canzu, an karɓa. In sifili ne, wani ya riga ka, sai saba ta mayar da 409, lambar da ke nufin an ci karo, tare da rikod ɗin yadda yake yanzu. Dubawar da rubutawar a umarni ɗaya suke, da gangan, don in ka fara karanta lambar sannan ka rubuta daga baya, waya biyu na iya shigowa a tsakanin duk su ga 7.

Na maimaita gwajin Litinin, B ta samu 409, na ji daɗin ganinsa ƙwarai. Amma nan take wani abu ya ɓullo: A ita kaɗai, ba kowa a tare da ita, ta yi gyara biyu a rikod ɗaya ba netwok, duk biyun suna ɗauke da 7. Na farko ya shiga ya mai da shi 8, na biyu ya ci karo da ɗan'uwansa. Waya na rigima da kanta kenan. Na gyara ta yadda in akwai gyaran rikod ɗin da ke jira a layi ba a fara tura shi ba, sabon ya narke a cikinsa su tafi a saƙo ɗaya.

Litinin, 12 ga Mayu

409 ya hana ɓata, amma bai warware komai ba, yanzu B na riƙe da gyaranta tana jiran a gaya mata yadda za ta yi. Kuma ba zai yiwu a riƙa tsayar da mutum ana tambayarsa duk lokacin da wani ya taɓa wani gurbi daban da nasa ba, zai gaji ya riƙa danna duk abin da ya fara gani.

Don haka yau haɗawa ta gurbi-gurbi na yi, mai ƙafa uku. Waya tana buƙatar abu uku a hannu: asali, wato rikod ɗin yadda yake kafin ta taɓa shi, da nata, da na saba. Ga kowane gurbi:

```kotlin
when {
    mine == base   -> theirs
    theirs == base -> mine
    mine == theirs -> mine
    else           -> conflict()
}
```

A misalinmu, kanta a asali `B2`, a wurin B har yanzu `B2`, a saba `C4`, ke nan B ba ta taɓa ba, a ɗauki na saba. Bayani a asali fanko ne, a saba fanko, a wurin B akwai maganar kwalin da ya jiƙe, a ɗauki na B. Sai B ta sake turawa a kan siga ta 8, ya zama 9, da `C4` da bayanin duka suna nan. Layi na uku kuma yana maganin inda mutum biyu suka yi gyara iri ɗaya, misali duk suka gyara harafi ɗaya da ya ɓace a suna, babu dalilin damun kowa.

Inda na sha wahala shi ne ajiye asalin. Da farko ya yi aiki, sai na canza jerin yadda abubuwa ke faruwa, na sa B ta fara saukar da sabbin bayanai kafin ta tura nata, kawai sai kanta ta koma `B2` kamar ranar farko. Na fi awa biyu ina bin log kafin na gano: kod ɗin saukarwa yana sabunta kwafin asali duk lokacin da sabon abu ya zo daga saba, bai damu ko akwai gyara a layi ba. To asali ya zama `C4` da siga 8, na B yana `B2`, sai lissafin ya ɗauka B ce ta canza daga `C4` zuwa `B2` da gangan, saba kuma ta karɓa hannu bibbiyu tunda lambar ta yi daidai, ko 409 ɗin ma bai fito ba. Ƙa'idar yanzu: in rikod na da gyara a layi, asalinsa ba ya motsi sai in an yi haɗawar, a canza asali da nawa tare a tiransakshan ɗaya.

Daga yau kowane gwaji sau huɗu nake yin sa: A ta riga dawowa, B ta riga dawowa, kuma a kowanne, turawa kafin saukarwa da saukarwa kafin turawa. Da a jeri ɗaya na tsaya da wannan ta wuce ni.

Laraba, 14 ga Mayu

Adadi, wanda shi ne zuciyar manhajar gaba ɗaya. Batir 40 ne. Mai riƙe da A ya fitar da 5, wayarsa ta nuna 35. Mai riƙe da B ya fitar da 8, tasa ta nuna 32. Haɗawar ranar Litinin ta ga asali 40, nawa 32, na saba 35, ta ce cin karo ne a zaɓi ɗaya. To wanne za a zaɓa? A kan kanta 27 ne suka rage. Duk wanda aka ɗauka cikin biyun ƙarya ne, ko an tambayi mutum ma ba a ba shi amsar gaskiya a cikin zaɓin ba.

Matsalar ita ce muna tura sakamako, alhali abin da mutumin ya yi shi ne cirewa. Mun raba adadi daga sauran gurabe, yanzu waya tana tura motsi ne, an fitar da 5, an fitar da 8, an shigo da 20, kowanne layinsa daban a teburin `movements`, adadi kuma jimillarsu ne. Tarawa ba ruwanta da wa ya riga zuwa, 40 a cire 5 a cire 8 daidai yake da a cire 8 a cire 5, duk jerin huɗun sun ba ni 27.

Amma akwai wurare biyu da wannan bai isa ba, kuma gara in rubuta su tun yanzu.

Na farko, saura 6, A ta fitar da 4, B ma ta fitar da 4, kowace a wurinta abin ya halatta. An haɗa ya zama -2. Ba yadda za a yi waya marar netwok ta hana wannan, don ba ta san da ɗayar ba. Abokin aikina ya so saba ta ƙi karɓar na biyun, ni kuma ban yarda ba, mutumin ai ya riga ya miƙa kayan, ƙin karɓar rubutun ba zai dawo da su kanta ba, sai dai ya ɓoye mana cewa lissafin farko ne ba daidai ba ko wani ya yi kuskuren shigarwa. Mun tsaya a kan a karɓa, a nuna -2 ɗin da ja, a sa shi cikin jerin abubuwan da sai an je an duba da ido.

Na biyu ya fi wuya. Akwai maɓallin ƙirga, inda mutum zai tsaya gaban kanta ya ƙirga da hannu ya rubuta abin da ya samu. Na fara mai da shi motsi shi ma, wato bambancin abin da ya ƙirga da abin da wayarsa ke nunawa. Sai ga abin da ya fito: A ta fitar da 5 ba ta tura ba tukuna, B ta fitar da 8 tana nuna 32, mai B ya ƙirga ya samu 27, waya ta rubuta gyaran -5, daga baya -5 ɗin A na gaskiya ya iso, jimilla 22. An cire biyar ɗin nan sau biyu. Ƙirga ba motsi ba ne, magana ce a kan abin da ke kan kanta a wani lokaci, kuma ba mu da hanyar tabbatar da ko fitarwar A kafin ƙirgar aka yi ta ko bayanta, tunda mun riga mun ga agogo ba abin dogaro ba ne. Abin da muka yi, ƙirga tana tafiya da lambar motsi na ƙarshe da wayar ta sani, in daga baya wani motsi ya iso daga wayar da ba ta daidaita ba tun kafin ƙirgar, sai a sa wa kayan alamar a sake ƙirgawa. Bai gamsar da ni sosai ba amma aƙalla ba ya yin shiru.

Juma'a, 16 ga Mayu

Duk gwaje-gwajen da na yi zuwa yanzu netwok ko dai akwai ko babu. Na gaske kuwa yana yankewa ne a tsakiyar magana. Mafi muni shi ne saƙo ya isa saba, ta rubuta, amsar ce ta ɓace a hanya. Waya ba ta da yadda za ta bambance wannan da saƙon da bai isa ba, dole ta sake turawa.

Da kashe wayfay da hannu ba za ka taɓa saita wannan daidai ba, tazarar ƙanƙanuwa ce. Na roƙi abokin aikina ya sa wa sabar gwaji wani makunni, in an kunna shi sai ta kammala rubutawa a databes sannan ta katse layin ba tare da ta amsa ba. Na kunna, A ta tura -5, ta jira har lokacinta ya ƙare, ta sake turawa. Adadi ya tashi daga 40 ya koma 30. Ka ga gyaran da ya cece mu ranar Laraba shi ya buɗe wannan ƙofar, da can in ka tura 35 sau goma 35 ne, yanzu kuwa kowane maimaici sai ya ci kaya.

Magani: kowane aiki yana da `op_id` nasa, UUID, wato lambar da ba ta zuwa ɗaya da ta wani aikin, saba tana da `UNIQUE` a kansa, in ta ga wanda ta taɓa gani ba ta sake aiwatarwa, sai ta mayar da amsar nasara kamar ta farko. Na sa, na gwada, har yanzu 30. Da na duba teburin sai na ga layi biyu da `op_id` daban-daban, ashe a cikin aikin turawa na sa ake ƙirƙirar lambar, kowane yunƙuri da sabuwa. Wurinta shi ne lokacin da mutum ya danna adanawa, a rubuta ta cikin layin jira tare da gyaran kansa. Bayan na mai da ita can sai na tsananta, na kashe manhajar da `adb -s emulator-5554 shell am force-stop` haɗe da sunan `package` ɗinta tana tsakiyar jiran amsa, na sake buɗe ta, ta tura da tsohuwar lambar, 35 ya tsaya.

Gyaran gurabe ma ya amfana. Da, in amsa ta ɓace, maimaicin yana zuwa da 7 alhali shi da kansa ya mai da ita 8, sai ya samu 409. Yanzu saba tana duba `op_id` kafin ta duba siga.

Talata, 20 ga Mayu

Gogewa da gyara. A ta goge `k-118`, B ba ta sani ba ta gyara bayaninsa. Saba ta nemi rikod ɗin ba ta gani ba, wani tsohon reshe na kod ya ɗauka sabo ne ya ƙirƙire shi, kayan da aka goge ya dawo a duk wayoyi. Sannan waya ta uku da na ƙara ba ta ma taɓa jin an goge ba, don tambayar da take yi wa saba ita ce me ya canza, layin da babu shi kuma ba ya cikin amsa.

Yanzu ba ma cire layin, `deleted` muke sa wa alama mu ƙara siga, gogewa ta zama gyara kamar kowanne, B ta samu 409 ɗinta. Wa zai ci kuma? Na zaɓi a tambayi mai gyaran, an goge wannan kayan, a dawo da shi da gyaranka ko a bar shi. In kuwa motsin adadi ne ya iso kan gogaggen rikod, dawo da shi ake yi kai tsaye a sa masa alama, tunda wani ya taɓa kayan da hannunsa, ke nan suna nan. Alamomin gogewa za mu riƙe su kwana 90, wayar da ta wuce haka ba ta daidaita ba sai ta fara tura abin da ke layinta sannan ta sauko da komai sabo. Wannan ɓangaren na ƙarshe ban gwada shi ba tukuna.

Alhamis, 22 ga Mayu

Yau da wayoyi na gaske, na ba wata abokiyar aikinmu da ba ta cikin masu rubuta kod ɗaya, ban yi mata bayanin komai ba. Ni na sa kanta `C4`, ita ta sa `D1`. Sikirin ɗin zaɓi ya fito mata da maɓalli biyu, naka da na saba. Ta ɗago ta ce, "Malam, wace ce kuma saba? Ni ina so in san wa ya sa `C4` ɗin, in shi ya kai kayan can ai shi ya fi ni sani." Gaskiyarta. Na canza, yanzu yana nuna sunan wanda ya yi ɗaya gyaran, da abin da ke wurin tun asali, da gurbin da ake saɓani a kansa kaɗai. Agogon waya ya samu aiki a nan, ana nuna lokacin don mutum ya gani, amma ba ya yanke hukunci.

Na kuma ƙara maɓallin a bari sai an duba, don ta ce ita ba za ta iya zaɓa daga inda take zaune ba sai ta je ta leƙa kantar. Kuma duk wanda aka zaɓa, wanda aka bari ba ya ɓata, yana shiga tarihin rikod ɗin. Wannan daga wani databes mai suna CouchDB na ɗauko shi, can in siga biyu suka ci karo yana zaɓar guda ta hanyar da kowace na'ura za ta zaɓi irinta, amma ɗayar tana nan ajiye, in ka nema da `conflicts=true` za ka gan ta, har sai manhaja ta warware.

Ita ce kuma ta tono wani da ban yi tunaninsa ba. Ta buɗe fom ɗin gyara tana rubutu a hankali, netwok na nan, gyarana ya sauka a wayarta a bayan fage, ta danna adanawa, fom ɗin ya tura tsofaffin gurabensa a kan sabuwar siga, ya share nawa ba 409. Ciwon ranar 12 ne ya dawo ta wata ƙofa. Asali dole ya zama abin da idon mutum ya gani lokacin da ya buɗe fom, don haka yanzu a lokacin buɗewa ake ɗaukarsa.

Talata, 27 ga Mayu

Hannu ya kai iyakarsa, jerin da za a iya samu sun fi abin da zan iya dannawa. Na ciro kod ɗin daidaitawa daga jikin Android na sa shi yana gudu a kwamfuta, wayoyin ƙarya uku kowace da SQLite ɗinta, da sabar gwaji. Sikirif ɗin yana zaɓar aiki da ka: gyara gurbi, fitar da kaya, gogewa, yanke netwok, ɓatar da amsa, kashe manhaja. Taku 200 a kowane zagaye, a ƙarshe a buɗe wa kowa netwok har layuka su ƙare, sai a duba abu uku. Wayoyin da saba sun zama ɗaya. Adadi ya yi daidai da jimillar da sikirif ɗin ya riƙe a gefe da kansa. Sannan kowane gyara da aka yi dole a same shi a ɗaya daga wuri uku, ko yana cikin rikod, ko yana tarihi saboda wanda ya gan shi ya canza shi, ko yana jerin saɓanin da ke jiran mutum. Kowane zagaye yana buga `seed` ɗinsa, wato lambar da zaɓin ayyukan ya taso daga gare ta, in ya faɗi in iya maimaita shi taku bayan taku.

Dubawa ta farko ba ta faɗi ko sau ɗaya ba. Ta ukun ce ta faɗi, a zagaye na 61. Na riƙa rage takun ina sake gudu har suka koma huɗu: A ta gyara kanta, ta fara turawa, kafin amsa ta dawo aka gyara bayani a rikod ɗin, gyaran ya narke cikin saƙon da ya riga ya tashi, amsa ta iso, kod ya goge saƙon daga layi ya rubuta kwafin saba a kai. Bayanin bai taɓa barin wayar ba, kuma ga shi an share shi. Narkarwar da na sa ranar 8 ce, na rubuta a ƙa'ida cewa sai wanda ba a fara turawa ba, amma a kod babu abin da ke nuna an fara. Na ƙara wa layin jira matsayin `in_flight`, saƙon da ya tashi ba a ƙara masa komai, sabon gyara ya buɗe nasa layin da nasa `op_id`, in amsa ta zo a ɗaga asalinsa zuwa sabuwar siga ta hanyar haɗawar nan mai ƙafa uku. In an kashe manhaja saƙo na `in_flight`, da ta tashi shi za ta fara turawa yadda yake.

Na bar shi yana gudu zagaye 2,000 tun la'asar, zuwa yanzu bai sake faɗi ba. Saura wayar da ta wuce kwana 90, da wayar da ke kan tsohuwar sigar manhaja wadda ba ta san `movements` ba tana turo adadi kai tsaye, wannan ta biyun da ita zan fara gobe da safe don sai mun yanke ko saba za ta ƙi ta ne ko za ta mai da abin da ta turo ya zama ƙirga.